Abin da mai shago za ta rubuta wa mai zane idan tana son tambarin katun daga hotonta

"Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan shago a Garwa inda nake sayar da turaren wuta da humra. Ina so a zana mini tambari na katun daga hotona, in riƙa liƙawa a kwalabe, in kuma sa a allon shago. Na taɓa tura wa wani hoto na ce ya mayar da ni katun mai kyau, amma abin da ya dawo mini da shi ko 'yata ba ta gane ni ba. Yanzu zan gwada wani mai zanen. Me ya kamata in rubuta masa?"

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa albarka a cikin nema. Zanen tambari ita ce sana'ata, kuma saƙonni irin wanda kika tura wa mai zanen farko suna shigowa wayata a kai a kai: hoto ɗaya, sai jimla ɗaya a ƙarƙashinsa. Idan mai zane ya karɓi irin wannan saƙo bai yi tambaya ba, to duk shawarar da ya kamata ke ki yanke shi zai yanke ta da ka, kuma kalmar "mai kyau" zai fassara ta ne da abin da idonsa ya saba gani a intanet, wato manyan idanu, siririn hanci, fata mai haske da kumatu sumul. Zane na iya fitowa da kyau ta wannan hanya, amma fuskar kowa ce, shi ya sa ta zama ba ta kowa ba. Saboda haka saƙonki na gaba yana bukatar ya ɗauki abubuwa biyu da suka fi komai nauyi: inda tambarin zai zauna tare da girmansa, da kuma 'yan siffofin da mutane ke gane ki da su. Sauran bayanai duk a bayan waɗannan suke.

Girman sitika shi ke yanke hukunci

Zan fara da wurin da tambarin zai zauna, domin nan ne masu shago suka fi mantawa, alhali shi ne ke gaya wa mai zane yawan layukan da zai iya sa wa. Mu masu zane muna aiki a kan allon kwamfuta, inda fuska ke cika faɗin kusan santimita 30. Idan na ja layin gira mai kaurin milimita 1 a wannan girma, sannan aka rage zanen ya koma sitika mai faɗin santimita 3 don murfin kwalbar humra, layin ya ragu sau goma ke nan, ya koma kaso ɗaya cikin goma na milimita. Injin buga sitika zai iya fitar da shi a tsinke, ko ya haɗe shi da layin da ke kusa da shi. Gashin ido, zaren kwalliyar mayafi, duwatsun ɗankunne da inuwar gefen hanci duk haka za su yi, sai fuskar ta koma dunƙule mai duhu. Wannan ne bambancin zanen ado da tambari. Zanen ado ana rataye shi ne a kalle shi a natse, tambari kuwa dole a gane shi a kan kwalba tun daga bakin ƙofa, ko a cikin ɗan da'irar hoton WhatsApp da bai kai farcen babban yatsa ba.

Don haka kafin ki rubuta komai, ki ɗauki ma'auni ki auna kwalbar da ta fi ƙanƙanta a shagonki, ki auna wurin da sitika za ta kwanta a jikinta ko a murfinta, sannan ki auna allon da ke saman ƙofa. Waɗannan lambobi biyu, mafi ƙanƙanta da mafi girma, su za ki fara ba shi. Ki kuma faɗa masa ta wace hanya za a fitar da tambarin a kowane wuri, domin kowace hanya da iyakarta. Hatimin da ake buga wa rasit launi ɗaya yake da shi, ba ya san inuwa. Masu buga leda da riga da hannu suna yin allo dabam ga kowane launi, kuɗin kuma yana hawa da yawan launukan. Idan kuwa mai fenti ne zai kwafi tambarin a bangon shago da buroshi, kamar yadda ake yi a shaguna da yawa a garuruwanmu, to zanen da ke da launuka masu narkewa cikin juna ba zai taɓa fitowa daidai a hannunsa ba. Ni shawarata ga mai sana'a irin taki ita ce launi uku ko huɗu shimfiɗaɗɗu, marasa narkewa, tare da layi mai kauri, sannan a nemi kwafi na biyu mai baƙi da fari zalla don hatimi.

Na koyi wannan ne a kan aikin wata baiwar Allah a Ngaundere mai sayar da zuma da man shanu. A lokacin ban tambaye ta girman sitikarta ba. Na zauna kwanaki na zana atamfar ɗankwalinta fure bayan fure, na sa inuwa a kumatu, na fitar da sarƙar wuyanta ƙwaya-ƙwaya, ita ma ta yi murna ƙwarai da ta gani a waya. Da aka buga sitika mai santimita 4, furannin suka cakuɗe, fuskar ta yi duhu, kuma kuɗin bugun farko ya tafi a banza. Abin ya dame ni, domin jarinta ba mai yawa ba ne. Da na sake zanen, na mayar da ɗankwalin launi ɗaya, na bar ɗaurinsa da ke karkata zuwa gefen dama, na bar wushiryarta da tabaraunta mai zagaye, na zubar da duk sauran. Zanen na biyu layukansa ba su kai rabin na farko ba, amma shi ne wanda masu sayen zumarta suka riƙa cewa ai wannan Hajiya ce.

Abin da ke sa a gane mutum

Wannan labari shi ya kawo mu abu na biyu. Kama a zanen katun ba ta zuwa daga yawan abin da aka kwafa a hoto, tana zuwa ne daga siffa biyu ko uku da aka zaɓa aka ɗan ƙarfafa su. Idan kika hango ƙawarki daga nesa a kasuwa, ba ƙwayar idonta kike gani ba, tsarin fuskarta kike gani, doguwa ce ko mai zagaye, da yadda take ɗaurin kai, da yadda take murmushi. Mai zanen da bai taɓa ganin ki ido da ido ba ba shi da hanyar sanin waɗanne ne naki, domin hoto ɗaya na iya ɓoye su. Wata a hoto takan rufe baki, alhali kowa da dariyarta ya san ta. Wata ta cire tabarau don ɗaukar hoto, alhali shekara da shekaru ba a ganin ta ba shi.

Mutum kuma ba ya iya zaɓar wa kansa waɗannan siffofi da kyau, saboda abin da yake ɗauka aibi ne sau da yawa shi ne alamarsa. Abin da nake ba da shawara shi ne ki tambayi mutum uku da suka san ki sosai, kowa shi kaɗai, misali 'yarki, da maƙwabciyar shagonki, da wata tsohuwar mai sayen kayanki, ki ce musu: da za ku kwatanta ni ga baƙon da zai neme ni a kasuwa, me za ku ce masa? Abin da ya maimaitu a bakinsu shi za ki rubuta. Zai iya zama wushirya, ko lotsawar kumatu, ko kaurin gira, ko tsagar gado a kunci, ko wani launin mayafi da ba kya rabuwa da shi. Idan akwai wanda ba kya son a fito da shi, ki faɗa a fili, amma ki sani cewa duk siffar da aka cire, kamar tana raguwa da gwargwadonta. Idan aka cire duka ukun, za a koma ga irin zanen da 'yarki ta kasa ganewa.

Launin fata yana bukatar jimla tasa ta musamman a cikin saƙon. Masu zane da yawa suna haskaka fatar mace ba tare da an ce su yi ba, suna ganin kyautatawa ce, kuma wannan kaɗai ya isa ya sa a kasa gane ki. Ki rubuta cewa kina son launin fatarki yadda yake. Akwai kuma matsala ta injin bugu: waya tana nuna launi da haske, takarda kuwa da tawada, kuma launin ƙasa-ƙasa na fata yana daga cikin waɗanda suka fi saurin kaucewa, wani lokaci ya yi ja, wani lokaci ya yi toka-toka. Maganin wannan shi ne a buga sitika ɗaya ta gwaji a wurin da za a yi bugun gaba ɗaya, ki duba ta a hasken rana kafin ki biya kuɗin ɗaruruwa.

Haka batun sutura. Kalmomin ɗankwali, mayafi, gyale da hijabi a wurinmu kowanne da ma'anarsa, amma idan mai zanen ɗan Duwala ne ko Yawunde, ko kuma da Faransanci ko Fulatanci za ku yi magana, bambancin zai iya ɓacewa a hanya, ya zana miki naɗin da ba na nan ba. Kada ki dogara da suna, ki tura hoton da kike sanye da ainihin abin da kike so a zana, ki kuma faɗi abin da dole a rufe, kamar gashi da wuya da kunne, idan haka kike so.

Hotunan da za ki tura

Hoto ɗaya ba ya isa. Ki tura uku ko huɗu: ɗaya kina kallon kyamara kai tsaye, ɗaya kin ɗan juya gefe, ɗaya kina murmushin da kika saba yi wa mai saye, ɗaya kuma daga ƙugu zuwa sama idan kina son hannu ya fito riƙe da kaskon turare. Wani ne zai riƙe wayar, ya tsaya kamar taku biyu daga gare ki, wayar tana daidai tsayin idonki. Hoton da mutum ya ɗauki kansa da hannunsa yana kumbura hanci da goshi saboda kusancin kyamara, kuma a wasu wayoyin yana juya hoton kamar madubi, sai ɗaurin da ke dama ya koma hagu. A ɗauka a inuwa mai haske, kamar bakin ƙofar shago da safe, ba a tsakiyar ranar Garwa ba, wadda ke sa a runtse ido ta kuma jefa baƙar inuwa a ƙarƙashin gira. A kashe duk abin da ke gyara fuska a wayar, domin yana share ainihin abin da mai zane ke nema. Hoton biki da aka yi kwalliya mai nauyi shi ma ba ya taimakawa, sai dai idan haka kike zama a shago kullum.

Wajen turawa, idan kika tura hoto a WhatsApp ta hanyar da aka saba, manhajar tana matse shi ya rage tsabta. Ki danna alamar haɗa fayil ki zaɓi Document, sannan ki ɗauko hoton daga nan, zai isa yadda aka ɗauke shi. Ki haɗa da hoton kwalabenki da na gaban shagon, domin launin da ya dace da kwalba mai ruwan humra a ciki ba lallai ya dace da farar takarda ba.

Kafin ki yanke shawarar sa fuskarki

Akwai abin da nake tambayar duk macen da ta kawo mini irin wannan aiki, kuma ina ganin haƙƙi ne in faɗa miki shi. Sitika ba ta tsayawa a shago. Idan turare ya ƙare, kwalbar da ke ɗauke da fuskarki za ta iya ƙarewa a bola ko a kwata, kuma duk wanda ya ga dama zai iya ɗaukar hoton allon shagonki ya yaɗa. Wasu matan wannan bai dame su ba, wasu kuwa sai bayan an buga suke jin nauyinsa, ko maigida ko iyaye su nuna rashin jin daɗi bayan an kashe kuɗi. Gara a yi wannan shawara a gida tun kafin a tura saƙo. Game da hukuncin zana mai rai kuwa, wannan fagen malamai ne, ni mai zane ne, don haka ki tambayi malamin da kika amince da shi. Abin da zan iya cewa ta fuskar sana'a shi ne akwai matakai tsakanin cikakkiyar fuska da rashin hoto gaba ɗaya. Ana iya zana mace da mayafinta da ɗaurinta da tabaraunta a bar fuskar fili ba ido ba baki, ana iya zana ta daga gefe kamar inuwa, ana kuma iya tsayawa a hannu mai lalle riƙe da kasko hayaƙi na tashi. Na yi wa mata da dama na farkon, kuma abin mamaki ne yadda ɗaurin kai da launin mayafi kaɗai ke sa a gane mutum. Idan kina shakka, ki nemi mai zanen ya nuna miki biyu a zanen gwaji, mai fuska da marar fuska.

Saƙon kansa

Ki rubuta shi a rubuce, ko da za ki bi shi da saƙon murya don ƙarin bayani, saboda rubutu shi ake komawa a duba idan an sami saɓani. Ga yadda zan tsara shi da ni ne ke. Ma'aunai da siffofin da na sa misali ne, ki musanya su da naki:

"Assalamu alaikum, Malam, barka da aiki. Ina da shagon turaren wuta da humra a Garwa, yawancin masu sayen kayana matan aure ne da masu haɗa kayan amare. Ina son tambari na katun da za a zana daga hotunana huɗu da na turo, daga kafaɗa zuwa sama, ina murmushi, a cikin da'ira, da sunan shagon a ƙasa. Zan sa shi a sitika mai faɗin santimita 3 a murfin kwalbar humra, da mai santimita 6 a kwalbar turare, da hatimin rasit, da hoton WhatsApp, da allon shago mai tsawon mita 2. Abubuwan da ake gane ni da su uku ne, kuma ina so su fito: wushirya, da zagayen fuska, da mayafi ruwan goro. A bar launin fatata yadda yake a hoto na biyu, kada a haskaka, kada a ƙara girman ido, a rufe gashi da wuya. Ina son kamannin dattako, ba na wasan yara ba. Launuka kada su wuce huɗu, kuma ina bukatar kwafi mai baƙi da fari. Ina so in ga zanen gwaji kafin a sa launi. Don Allah ka faɗa mini kuɗin aikin, da kwanakin da zai ɗauka, da sau nawa zan iya neman gyara a cikin wannan kuɗi. Idan an gama ina bukatar fayil na SVG da PDF, da PNG marar bango. Hotunana amana ne, kada a sa su a ko'ina, kuma bayan na cika kuɗi tambarin ya zama nawa, ba za a sayar wa wani ko a sake amfani da shi ba. Na gode."

Jimlar da ta ce dattako ba wasan yara ba tana da aiki babba, domin kalmar katun tana da faɗi. Akwai salon da ake yin ƙaton kai da ɗan ƙaramin jiki, wanda ya dace da mai sayar da alewa ko kayan yara, amma zai iya rage wa turaren amare daraja. Idan kin ga wani tambari da salonsa ya burge ki, ki tura masa ki ce irin wannan kaurin layi ko irin wannan sauƙi kike so, tare da bayyana cewa ba kwafarsa kike nema ba.

Sunan shagon kuma ki rubuta shi harafi bayan harafi yadda kike so ya fito. Idan akwai ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki, ki ja hankalinsa, domin yawancin salon haruffan ado da masu zane ke amfani da su ba su da waɗannan haruffa namu, sai kwamfuta ta sa wani ɗan akwati a gurbinsu ko ta ɗauko harafin daga wani salo dabam, ya fito bare a tsakiyar suna. Mai zanen da ya san aikinsa zai zana lanƙwasar da hannunsa. Lambar waya kuwa kada a ɗinke ta a cikin tambarin, a bar ta a gefe, saboda lamba tana canzawa.

Zanen gwaji, kuɗi da fayil

Neman zanen gwaji shi ne babbar kariyarki. A matakin fensir, gyara faɗin fuska aikin 'yan mintuna ne, amma bayan an sa launi an gama, gyaran yana nufin rushe rabin aikin, kuma a nan ne rai ke ɓaci tsakanin mai zane da mai shago. Idan gwajin ya zo, kada ki tsaya kallonsa ke kaɗai, ki nuna wa mutanen nan uku ba tare da kin ce musu komai ba, ki ji ko za su ambaci sunanki. Idan za ki nemi gyara, ki faɗi wurin da abin yake: fuskar ta yi tsawo, girar ta yi siriri, mayafin ya sauka da yawa a goshi. Cewa "bai yi kama da ni ba" gaskiya ce, amma ba ta nuna wa mai zane inda zai sa hannu. Ki tattara gyare-gyarenki ki tura su a saƙo ɗaya. Ni a aikina gyara biyu nake sawa a cikin kuɗin, ina karɓar rabi a matsayin kafin alƙalami, sauran rabin kuma idan an amince da zanen kafin in saki fayil, kuma ina ganin wannan tsari adalci ne ga ɓangarorin biyu. Idan ta waya kika tura kuɗin, ki adana saƙon shaidar biya.

Zanen gwaji yana kuma tona asirin wanda ba zana ki zai yi ba. Akwai masu ɗauko katun da aka riga aka zana a intanet su canza masa launin mayafi kawai, kuma ina kyautata zaton irin abin da ya same ki ke nan a karon farko, ko da yake ban ga zanen ba. Alamarsa ita ce aiki ya dawo cikin ɗan lokaci kaɗan a gama shi tsaf, babu matakin fensir, kuma idan kika ce a ɗan juya kan ko a buɗe murmushin sai a fara kawo uzuri. Haɗarin wannan ya wuce rashin kama, domin gobe za ki iya ganin fuskar nan a kan kayan wata, ba ki da bakin magana.

Game da fayil, dalilin da ya sa na ce SVG da PDF shi ne, hoto irin na waya an gina shi ne da ƙananan ɗigo masu adadi. Idan faɗinsa ɗigo 1000 ne aka shimfiɗa shi a allo mai mita 2, kowane ɗigo zai zama milimita 2, gefen zanen ya yi kaca-kaca kamar haƙoran zarto. Fayil na bekta kuwa, irin su SVG da PDF, layuka ne da ake lissafawa, ana iya ƙara shi daga murfin kwalba zuwa bangon gida ba tare da ya dushe ba. Amma sunan fayil kaɗai ba hujja ba ne, domin ana iya cusa hoto na ɗigo a cikin PDF a miƙa miki. Ki buɗe shi ki yi ta ƙara girman gefen ido ko bakin mayafi har iyakar abin da wayarki za ta iya. Idan layin ya tsaya da kaifinsa, aikin na gaskiya ne, idan ya fara dushewa ko ya rabu gida-gida, ki mayar masa. Shi kuma PNG marar bango amfaninsa shi ne ki ɗora tambarin a kan hoton kayanki ba tare da farin akwati ya biyo shi ba. Ki nemi a rubuta miki lambobin launukan, a kuma daskarar da rubutun sunan ya zama zane, don kada ya canza salo a kwamfutar masu bugu. Duk waɗannan ki ajiye su a wuri biyu, kada su zauna a waya kaɗai.

Saura batun mallaka. Jimlar da na sa a ƙarshen saƙon, idan ya amsa ta da amincewa a rubuce, ta ba ki abin riƙewa, kuma ya kamata ku fayyace ko kin yarda ya nuna tambarin a cikin ayyukansa na talla, tun da fuskarki ce. Wannan dabam yake da rajistar tambari a hukumance. A Kamaru da Cadi rajistar tana hannun hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda aka kafa bisa yarjejeniyar Bangi ta 1977. Rajista ɗaya tana aiki a duk ƙasashe 17 na ƙungiyar, har da Nijar, kuma tana ɗaukar shekara 10 kafin a sabunta ta. Najeriya ba ta cikinsu, saboda haka idan kayanki suna tsallakawa Yola ko Mubi, can sai an yi tata rajistar dabam. Ga shago ɗaya da ke sayarwa a unguwa ban ga gaggawar wannan ba, amma ranar da kika fara aika kwalabe Marwa da Njamena da yawa, ya dace ki zauna da lauya ko wakilin da ya san harkar, domin cike takardun ba aikin mai zane ba ne.

Idan fayil ya iso, kafin ki biya kuɗin buga sitika da yawa, ki je wurin masu bugu a fitar miki da tambarin a faɗin santimita 3 a kan takardar sitika, ki yanke ki liƙa a murfin kwalbar humra, ki ajiye ta a kan kanta tsakanin sauran kwalabe. Sannan ki kira 'yarki ta tsaya a bakin ƙofar shago, ki tambaye ta wace ce a jikin kwalbar.